Tsokar Gaba Ta Ƙi Saki

Da Hamdiya ta bar darasinta yadda ta tsara shi a Tambuwal, da babu abin da zai faru. Amma ina! Sai da ta saurari Malam Attahiru, shi kuwa Malam Attahiru mutum ne da ba ya ganin abu a zaune lafiya ya ƙyale shi.

Hamdiya ɗalibar kwalejin horon malamai ce, shekarar ƙarshe, fannin motsa jiki da kiwon lafiya. An turo ta koyarwar gwaji ta wata uku, wadda ɗalibai ke kira tifi, a wata sakandaren 'yan mata a Kebbe. Bara haihuwa ta hana ta yi, 'yan ajinsu duk suka gama suka bar ta, kuma an gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa bana ce damarta ta ƙarshe. Malama ɗaya za ta zo daga kwaleji, ta zauna a bayan aji minti arba'in, ta cika takarda. In maki ya kai hamsin, Hamdiya ta zama malama. In bai kai ba, shekara fuɗu ta tafi a banza, har da watannin nan da ta bar ɗiyarta Asma'u wurin kakarta, ba ta ganinta sai Asabar da Lahadi.

Wadda za ta zo kuwa Hajiya Marka ce. Duk wanda ya bi ta kwalejin nan ya san Hajiya Marka. Ba ta faɗa, ba ta zagi, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka ji ka manta sunan ubanka. Kuma ita ce ta rubuta ɗan littafin darasin da suke kira handawut, wanda kowa ya haddace kafin ya wuce ajinta. Hamdiya ta san shafi na bakwai kamar sunanta: in hannu ya lanƙwashe, tsokar gaba ta damtse ta ɗaure, ta baya ta saki, in hannu ya miƙe, tsokar baya ta ɗaure, ta gaba ta saki.

Ranar Asabar, a tsakar gidansu a Tambuwal, ta kama ƙanwarta Ummu ta gwada darasin a kanta. Ummu ta lanƙwasa hannu, Hamdiya ta riƙe mata wuyan hannun tana hana shi tashi, ta ce ta taɓa damtsenta da ɗaya hannun.

"Ina yay yi tauri?"

"Gaba."

"To yanzu danna ƙasa, ni ina tare ki. Ina?"

"Baya. Yaya, sake ni, tuwona na ƙonewa."

Shi ke nan, daidai da shafi na bakwai. Sun maimaita sau biyar, sau biyar ɗin duk haka ya fito. Hamdiya ta rubuta tsarin darasinta da kyakkyawan rubutu, ta ja layi da jan biro: minti biyar na ɗumama jiki, goma na gaɓoɓi, goma na tsokokin hannu, goma na tsokokin ƙafa, biyar na tambayoyi. Ranar Lahadi da la'asar ta hau mashin ta koma Kebbe, Asma'u na kuka a ƙofar gida, ita kuma tana daurewa don kar ɗan acaɓa ya ji nata.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, ta kai wa Malam Attahiru tsarin ya sa hannu. Shi ne mai kula da 'yan tifi a makarantar, ya shekara ashirin yana koyar da aikin gona, ya ga zuwan masu duba darasi iri-iri. Ya karanta, ya kaɗa kai, ya sake kaɗawa.

"Malama, ina kayan koyarwa?"

"Malam, jikinsu na kayan. Kowa za ta yi da abokiyatta."

"Jiki! Jiki ai Allah yab ba su, ba ke kinka kawo ba. Takardag ga akwai gurbin kayan koyarwa, maki goma cur. Ki bar shi wayam? Haba Malama. Masu dubawa abin da suka so su gani, malami ya ƙirƙiro abu da hannunai daga abin da ag garai. Ga robobin fenti can bayan sito tun gyaran azuzuwa, sun fi ashirin. A cika su da ruwa, yara su ɗaga. Sai ki rubuta kin yi kayan ɗaga nauyi na gida. Wallahi sai ta ba ki tara."

Maki goma ba wasa ba ne ga mai neman hamsin. Hamdiya ta yi tunani, ta ga ai duk ɗaya ne, nauyi nauyi ne, ko na hannun abokiya ko na ruwa. Ta soke layi ɗaya a tsarin, ta rubuta wani a samansa. Da aka tashi ta sa aka wanke robobin aka jera su a gindin bishiyar bedi. Ta tsaya tana kallonsu, har ta ji daɗi a ranta. Ko ɗaya ba ta ɗaga ba.

Alhamis da hantsi Hajiya Marka ta iso a bayan mashin, lulluɓinta duk jar ƙasa, fuska ba yabo ba fallasa. Ta gaisa da shugabar makaranta a tsaye, ta karɓi tsarin darasi, ta ce a kai mata kujera inda za a yi. Aka kai ƙarƙashin bedi, gefen allon da aka jingina da katanga. 'Yan aji biyu suka fito su arba'in da shida, suka yi layi bibbiyu.

Farkon abin ya tafi sumul, har Hamdiya ta fara jin numfashinta na dawowa. Suka yi 'yar tafiya a wuri ɗaya, suka girgiza hannuwa. Ta ce kowa ta lanƙwasa gwiwar hannu ta miƙe, ta tambaye su ko tana juyawa gefe. Suka gwada, suka ce a'a, buɗewa da rufewa kawai. Ta ce to irin ta ƙyauren ɗaki ke nan, haka ma gwiwar ƙafa. Ta ce su wulwula hannu tun daga kafaɗa, gaba, baya, sama, zagaye. Suka wulwula, hijabai na tashi, ana ta dariya. Ta ce wannan kan ƙashi ne mai kamar ƙwallo zaune cikin ƙoƙo, shi ya sa yake zuwa ko'ina, kuma akwai irinsa a ƙugu. Ta ce su ce a'a da kai ba da baki ba. Suka juya wuya dama da hagu, ta ce wannan gaɓa ce mai juyawa a kan ƙashi ɗaya. Kowace ta dafa kafaɗar abokiyarta, ta ji yadda ƙashin ke motsi a ƙarƙashin tafin hannu. Hamdiya ta saci kallon Hajiya, ta ga biro na tafiya a hankali, ta ce a ranta Alhamdu lillahi.

Sai aka zo kan tsoka. Ta je allo ta rubuta layin shafi na bakwai da Turanci, harafi bai canza ba, ta karanta musu, ta fassara. Ta gaya musu tsokar gaba sunanta baisef, ta baya tiraisef, suka maimaita sau uku da ƙarfi. Ta ce tsoka ja kawai take yi, ba ta turi, shi ya sa suke aiki bibbiyu, wannan ta ja gaɓa ta lanƙwashe, waccan ta ja ta miƙe. Sannan ta ce kowaɗanne biyu su ɗauki roba ɗaya. Ɗaya ta riƙe marikin, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ɗaya ta kama mata damtse, yatsu a gaba, babban yatsa a baya.

"Ku ɗaga a hankali. Ina yay yi tauri?"

"Gaba!"

"Madalla. To ku sauke a hankali, kar ruwa shi zube. Hannu na miƙewa ke nan. Ina yay yi tauri?"

Can wasu 'yan gaba suka dubi allo, suka ce, "Baya," da 'yar ƙaramar murya. Daga layin ƙarshe kuwa wata murya ta ce, "Gaba."

Kulu ce. Doguwa ce, ta fi kowa tsawo a ajin, ba ta cika magana ba, kuma in ta yi ba ta iya sassautawa. Hamdiya ta yi murmushin da ake koya musu a kwaleji.

"Kulu, kin kama daidai kuwa? Sake sauke."

Abokiyar Kulu ta sake ɗagawa ta sauke. Kulu ta matsa damtsen har yarinyar ta ce wash.

"Gaba na, Malama. Baya lagwai-lagwai shike."

"To ku canza, ke ki ɗaga ita ta taɓa."

Suka canza. Abokiyar ta taɓa, ta dubi allo, ta dubi Malama, ta dubi ƙasa, ta ce da ƙyar, "Gaba."

Nan fa sauran suka sami baki. Waɗanda suka ce baya ma suka sake gwadawa, suka fara cewa su ma fa gaba suka ji, sun dai ga an rubuta baya ne. Wata ta ce ko hannunta ne ba lafiya. Wata ta ce ita ba ta jin komai ko'ina. Biyu suka fara musu har ruwa ya zube wa ɗaya a takalmi. Hamdiya ta bi su da kallo. Me ke faruwa? Ranar Asabar abin nan ya fito sau biyar. Hannun 'yan Kebbe daban yake da na 'yan Tambuwal ne? Ko sun rikita gaba da baya? Ta bi layi da sauri tana gyara musu yatsu, ta ga yatsun duk suna inda ta ce. Ko robobin sun yi nauyi? Ta sa aka rage ruwan uku daga ciki, aka sake. Gaba dai, gaba dai.

Ta duba agogo. Minti ashirin da biyu sun tafi. Ba ta yarda ta dubi gindin bedi ba, amma ta ji biron ya tsaya, kuma tsayawar biron nan ta fi mata tafiyarsa tashin hankali.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ta gan ta sarai. Ta daka tsawa, ta ce kowa ta ajiye roba, ta ce ba su iya taɓawa ba ne, a kwafi abin da ke allo, a wuce ƙafa. Yaran nan ba za su ce uffan ba, sun saba. Mai littafin tana zaune, layinta na kan allo, wa zai yi ƙara? Har ta buɗe baki. Sai dai ita kanta ba ta gane ba. Maimakon tsawa sai ta ji bakinta ya ce, "Kulu, kawo robar nan."

Ta naɗe hannun hijabinta, ta riƙe mariki, ta ce Kulu ta kama mata damtse, ita ma ta ɗora nata ɗaya hannun. Ta ɗaga. Gaba ta yi tauri, babu gardama. Ta fara saukewa, tana jira ta ji ta saki. Ba ta saki ba. Hannu na miƙewa, tsokar na nan kamar dutse, har tana ɗan rawa, ba ta yi laushi ba sai da gindin roba ya taɓa ƙasa. Ta bayan kuwa, wadda shafi na bakwai ya ce ita ke aikin, tana kwance abinta.

Inna lillahi. Shekara uku tana haddace layin nan, ta rubuta shi a jarrabawa an ba ta maki, ga shi hannunta na kanta yana ƙaryata ta a gaban yara arba'in da shida da matar da ta rubuta shi. Ta tsaya da roba a gabanta, kanta ya ɗaure tamau. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, aka zungure ta.

"Ban gane ba," in ji Hamdiya. Da ƙarfi ta faɗa, ba ta san ya fito ba sai da ta ji shi. "Ku tsaya. Ni ma ban gane ba. Ku aje robobin. Mu yi wani abu."

Ta mayar da su kan abin da ta yi da Ummu. Ɗaya ta lanƙwasa hannu, ɗaya ta tare ta daga ƙasa da tafin hannu, mai lanƙwasar ta danna ƙasa da ƙarfi tana neman miƙewa.

"Ina?"

"Baya!" Wannan karon duka ajin, har da Kulu.

To fa. Ga miƙewa, ga miƙewa. Wannan ta kama baya, waccan ta kama gaba. Hamdiya ta dafe goshi, alli ya shafe mata gira ba ta sani ba. Ta ce su sake ɗaukar roba. Gaba. Su ajiye su danna hannun abokiya. Baya. Ta sa suka yi sau uku, kamar mai fatan ɗaya zai gaji ya bi ɗaya. Minti talatin. Tsokokin ƙafa na can cikin takarda ba a ko taɓa su ba, ita kuwa tana tsaye tsakanin roba da allo tana magana da kanta kamar wadda ta ɓatar da makulli.

"Mi ab bambanci? Can kina dannawa. Nan kina... nan mi kika yi?"

"Ba mu yin komi, Malama," in ji wata daga gaba. "Robar ita ka sauka da kanta."

"Da kanta?"

"Ai nauyi gare ta."

Hamdiya ta dubi yarinyar, ta dubi robar. Ta ɗauka ta ɗaga har sama, ta ce su matsa. Sai ta saki damtsenta gaba ɗaya, ba ta saki mariki ba. Hannu ya faɗi ƙasa fat, ya miƙe tsaf, ruwa ya watsu har kan zanenta, gwiwar hannun ta yi mata wani zugi da ya sa ta cije leɓe. Yara suka yi ihu suka ja da baya. Ita kuwa ko zanen ba ta duba ba.

"Kar wadda tag gwada wanga, yana jin ciwo. Amma kun gani? Wa yam miƙe hannuna?"

"Ruwa!"

"Na ja da tsokar baya?"

"A'a!"

"To in ruwa ka miƙe hannu, tsokar gaba mi takai da tauri?"

Ita ma tambayar kanta take yi, amsar tana zuwa tana komawa. Kulu ce ta ce, tana kallon gefe kamar ba da kowa take ba, "Riƙo takai. In kina sauke wa mutum tulu daga kai, ba turo shi kikai ƙasa ba, riƙe shi kikai kar shi fashe."

"Riƙo," in ji Hamdiya. Ta maimaita a hankali. "Riƙo takai. Tana sakin tsawo kaɗan-kaɗan, amma ba ta bar aiki ba. Ita ta baya ba a buƙatar ta, tunda nauyi na yi mata aikin. Sai in akwai abin da za a tura, kamar hannun abokiya, sannan ta tashi."

Ta juya allo. Layin na nan da farin alli, rubutunta mai kyau, maganar Hajiya Marka. Abin goge allo na hannunta. Tsoro ya kama ta sosai, don ba ta ma tabbata abin da ta gano daidai ne ba, minti biyu ke nan da sanin sa. Ta goge rabin layin na biyu. Ta fara rubuta cewa in an tura abu hannu ya miƙe, ta baya ke ja. In kuwa ana sauke nauyi a hankali... Ƙararrawa ta kaɗa. Jimlar ta tsaya a nan, babu ƙafa, babu tambayoyin ƙarshe, babu aikin gida. Yara suka tsaya cirko-cirko da robobi, ba su san ko an gama ba.

"Ku tafi," in ji ta. Muryar ba tata ba ce.

A ofishin malamai aka bar su su biyu. Malam Attahiru ya leƙo da fara'arsa zai tambayi yadda robobi suka yi, ya ga fuskar Hamdiya, ya tuna yana da aiki a gonar makaranta. Hajiya Marka ta shimfiɗa takardar a tebur yadda Hamdiya, da ke tsaye, take ganin komai. Ba ta ɓoye ba, kuma da ta ɓoye da ya fi sauƙi. Tsarin darasi, takwas. Kayan koyarwa, tara, kamar yadda Malam Attahiru ya rantse. Kula da aji, biyar. Kiyaye lokaci, biyu. Tambayoyin ƙarshe, ta ja sifili mai ƙiba, ta zagaye shi sau biyu. Ta cika sauran gurabe, ta tara a gefe da ƙananan lambobi. Talatin da takwas. Saura gurbi ɗaya, sanin abin da ake koyarwa, maki ashirin. Hamdiya ta yi lissafin a tsaye, sha biyu take nema, ita da ta ce ban gane ba a gaban aji.

Hajiya ta ajiye biro.

"Kin gwada robar nan kafin yau?"

"A'a, Hajiya."

"Kin kawo wa yara abin da ba ki gwada ba."

"Na yi kuskure, Hajiya."

"Kin goge mani layi."

In Hamdiya ta ce yi haƙuri, ya zama ta janye. In ta ce e, ya zama rashin kunya. Ta dubi jiƙaƙƙen zanenta.

"Layin ba ƙarya ba ne," in ji Hajiya. "Shi za a tambaye su a jarrabawa, shi kuma za su rubuta."

"To Hajiya, abin da sunka ji da hannunsu fa?"

"Shi ma ba ƙarya ba ne."

Hamdiya ta ƙara rikicewa. To ta yi daidai ne ko ta yi laifi? Fuskar matar nan ba ta nuna komai, kamar bango. Hajiya ta cire tabarau ta goge da bakin lulluɓi, ta mayar.

"Ni abin da ban sani ba, ko kin gane, ko kuwa yarinyar can mai tsawo ce ta gane kika ara. Ba ki kai ƙafa ba, to bari mu kai. Handawut ya ce wace tsoka ke lanƙwasa gwiwar ƙafa?"

"Ta bayan cinya, Hajiya. Ta gaba ita ka miƙe ta."

"Shafi na nawa?"

"Na tara."

"To. Mutum na tsaye, zai zauna a kujera a hankali. Gwiwa na lanƙwashewa. Wace tsoka ke aiki a gwiwar?"

Amsar shafi na tara ta zo bakin Hamdiya da gudu, ta baya, har harshenta ya ɗauko ta. Ta danne. Tarko ne? In ta ce ta baya, ta bi littafin matar, kuma matar yanzun nan ta ce littafin za a rubuta. In ta ce ta gaba, ta sake goge mata layi, a ofis, ido da ido. To ma wacce ce gaskiyar? Kanta ya cushe, hannu da ƙafa da roba da tulu duk suka haɗe, ta kasa raba su. Ta tuna Asma'u a ƙofar gida, abin ya ƙara dagulewa.

"Hajiya, in gwada?"

Hajiya ta nuna kujerar da ke bayan Hamdiya da gindin biro.

Hamdiya ta juya wa kujerar baya. Ta sa hannu ɗaya a gaban cinya, ɗaya a baya, ta ƙarƙashin hijabi. Ta fara sauka a hankali, a hankali, kamar tsohuwa. Tun kafin ta kai rabi gaban cinyar ya ɗaure, ya yi tauri a tafin hannunta, saman gwiwa ya fara zafi. Ta tsaya a nan, ba a tsaye ba, ba a zaune ba, ƙafafu na kakkarwa, don ta tabbata. Nauyin jikinta ne ke kai ta ƙasa, babu mai jan ta. Abin da ke hana ta faɗawa kujerar tim, shi ne ke ƙarƙashin hannunta na gaba. Ta ƙarasa zama.

"Ta gaba ce, Hajiya."

"Shafi na tara ya ce ta baya ke lanƙwasa gwiwa."

"Haka yac ce."

"To?"

"Ta gaba ce. Jikina ka lanƙwasa gwiwar, ita riƙo takai."

"Kin tabbata? In na rubuta ba na gogewa."

Hannun Hamdiya na kan cinyar har yanzu, zafin bai gama sauka ba.

"Na tabbata."

Hajiya Marka ta dube ta ta saman tabarau, kallon nan da ake ba da labari, ta daɗe. A waje ana jin yara na zubar da ruwan robobi a gindin bedi, wata na ce wa wata ta kawo hannu ta ji. Sannan Hajiya ta ɗauki biro ta rubuta a gurbin ƙarshe, ta ja layi, ta tara, ta sa hannu da kwanan wata. Ta juyo takardar ta tura gaban Hamdiya.

"Sa hannu a nan. Litinin ki ƙarasa masu jimlar can da kika bari a allo, ki yi masu ƙafa. Ki gwada a gida tukuna."

Hamdiya ta duba. Sha uku. A ƙasa, hamsin da ɗaya. Ta sake dubawa ko idonta ne, ta bi lambobin da yatsa tana tarawa da kanta, ta ɓata, ta sake daga sama. Hamsin da ɗaya dai. Ta sa hannu. Ta yi godiya a zaune inda take, tana kuka.